A ina zan tsayar da ƙwayoyina? Yunwar siram, falbosikilib, taimidin, nokodazol ko RO-3306

Duk wanda ya fara aikin masta ko na dakta a kan zagayen rayuwar ƙwayar halitta, ba daɗe ko ba jima sai sufabaiza ya ce masa "je ka haɗa ƙwayoyin nan su tsaya a wuri ɗaya". Dalili kuwa a fili yake, a cikin fulas guda wasu ƙwayoyin suna G1, wasu suna kwafar DNA a S, wasu suna G2, ƙalilan kuma suna tsakiyar rabuwa a M, to in ka fasa su duka ka auna wani furotin ai gauraye ka auna, kamar ka ɗebi miyar gidaje goma ka zuba a kwano ɗaya ka ce za ka faɗi wadda gishiri ya yi wa yawa. Hanyoyin tsayar da su da aka fi amfani da su guda biyar ne, kuma mutane sukan zaɓa ne da abin da ke cikin firizar lab ko abin da suka ga wani ya yi. Ni dai a ganina tambayar farko ita ce wane birki ne har yanzu yake aiki a cikin ƙwayoyin da ke hannunka, sauran duk daga nan suke fitowa.

Birkin da injin a taƙaice

Ƙwayar mutum da ke rabuwa a lab takan ɗauki kamar awa 24 ta zagayo: G1 wajen awa 11, S awa 8, G2 awa 4, M kuma awa 1. Riƙe waɗannan lambobin, za mu yi lissafi da su. Injin da ke tura ta gaba wasu furotin ne da ake kira CDK, aikinsu liƙa fosfet a jikin wasu furotin, amma CDK shi kaɗai gunki ne, sai abokinsa saikilin ya zo ya manne masa sannan ya motsa. Yawan CDK ba ya wani sauyawa, saikilin ne ke hawa ya sauka, abin da Tim Hunt ya fara gani kenan a 1982 a ƙwan wata halittar teku mai ƙaya, har ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2001 tare da Leland Hartwell da Paul Nurse.

A G1, abubuwan ƙara girma da ke cikin siram, wato ruwan jinin da ake ƙarawa a ruwan kiwo, su ke sa a ƙera saikilin D, shi kuma ya haɗu da CDK4 ko CDK6 su liƙa wa Rb fosfet. Rb shi ne birkin farko. Yana riƙe da wani furotin E2F ne ya hana shi kunna ƙwayoyin gadon da ake buƙata a shiga S, da zarar fosfet ya hau kansa sai riƙon ya yi sako-sako, E2F ya kunna saikilin E, saikilin E da CDK2 su ƙara lafta wa Rb fosfet, shi kenan abu ya zama gangara. Daga wannan gaɓar ko ka janye siram ƙwayar ba ta komawa baya, wannan ita ce iyakar da Arthur Pardee ya bayyana a 1974. Birki na biyu p53 ne, wanda kullum ana ƙera shi kuma MDM2 na sa a rushe shi cikin mintuna, sai DNA ya samu rauni ATM ko ATR su hana a rushe shi, ya taru ya kunna p21, shi kuma p21 ya toshe bakin CDK2. A ƙofar M akwai saikilin B da CDK1, Wee1 na danne su Cdc25 na sakin su. A cikin M ɗin kanta kuma akwai shingen mazari, wato muddin akwai kuromosom ɗaya da zaren mazari, mai jan kuromosom gida biyu, bai kama ba, Mad2 da BubR1 ba za su bar APC/C ya rushe saikilin B da sekurin ba, ƙwayar haka za ta tsaya a dunƙule.

To biyu daga hanyoyin nan, yunwar siram da falbosikilib, taka birkin Rb suke yi, in babu Rb ba su da abin takawa. Sauran ukun ba ruwansu da Rb, su hanya suke tarewa, amma biyu daga ciki suna barin rauni, kuma in p53 na raye zai ga raunin ya hana ƙwayar tashi bayan ka sake ta.

Abin da zan auna kowace hanya da shi

Na ɗaya, a ina take tsayar da ƙwayar kuma wane birki take buƙata. Na biyu, in ka wanke maganin ƙwayoyin suna tashi tare ko kuwa wasu sun kwanta kenan, da kuma tsawon lokacin da za ka iya riƙe su ba su lalace ba. Na uku kuɗi, kuma ba kuɗin kwalba nake nufi ba, lita nawa na ruwan kiwo kwalbar za ta yi maka. Na huɗu wahala, musamman ga mai aiki a inda wuta sai a hankali kuma ana kulle lab da magariba. Na biyar haɗari, wato abin da hanyar ke yi wa ƙwayar wanda za ka iya ɗauka sakamakon gwajinka ne alhali maganin ne.

Kafin komai duba ƙwayoyinka

HeLa an samo ta ne a 1951 daga sankarar bakin mahaifa ta Henrietta Lacks, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin gadon bairos ɗin HPV18. Bairos ɗin yana ƙera E6 da ke sa a rushe p53, da E7 da ke kama Rb ya raba shi da E2F, kenan birki biyun duk an tsinke su duk da cewa ƙwayoyin gadon nasu lafiyarsu ƙalau. HEK293T ma kusan haka take, furotin ɗin bairos ne suka riƙe mata duka biyun. Saos-2 ba ta da p53 ba ta da Rb, MDA-MB-468 ba ta da Rb. A ɗaya gefen RPE1 birkinta duka suna aiki, MCF7 da U2OS suna da p53 da Rb masu lafiya, abin da suka rasa p16 ne, ƙaramin birkin da ke danne CDK4 da CDK6. Masu aiki a kan hanta su lura, HepG2 tana da p53 mai aiki, Hep3B ba ta da shi, PLC/PRF/5 kuma tana ɗauke da sauyin R249S, wanda shi ne tabon da gubar afalatoksin ta ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara ke bari a p53, abin da ake yawan samu a sankarar hanta a Afirka ta Yamma.

Yunwar siram

Ita ce mafi araha, don a maimakon ka sayi wani abu ma ragi kake samu. Ka wanke ƙwayoyin ka zuba musu ruwan kiwo mai siram kashi 0.5 cikin ɗari ko ma babu sam, ka bar su awa 24 zuwa 72. Saikilin D ba ya daɗewa, in ba a ci gaba da ƙera shi ba nan da nan yake ƙarewa, p27 mai danne CDK ya hau, Rb ya riƙe E2F gam, ƙwayoyin su kwanta a G0, wato hutun da ke wajen zagayen. A ƙwayoyi irin su NIH3T3 da faibirobilas na mutum tana aiki sosai, kuma za su iya kwana biyu uku a haka ba matsala, in wuta ta ɗauke na ɗan lokaci ma ba ka rasa lissafin awa ba tunda ba lissafi mai tsauri ba ne.

Matsalarta biyu ce. G0 ba G1 ba ce, ƙwayar da ta sha yunwa ta kashe abubuwa da yawa, in ka mayar da siram kashi 10 sai ta ɗauki fiye da awa 12 kafin ta shiga S kuma ba duka suke isa tare ba, sannan duk abin da ka gani a awannin farko kana iya cewa na zagaye ne alhali murnar dawowar abinci ce kawai. Ta biyu, ƙwayoyin sankara da yawa ba su san da zancen ba. HeLa ko dai ta ci gaba da rabuwa a hankali ko ta fara mutuwa, haka ma ƙwayar da Ras ɗinta, mai isar da saƙon girma, ya maƙale a kunne, don ita ba ta jiran umarni daga waje kafin ta ƙera saikilin D.

Falbosikilib

Wannan maganin sankarar mama ne, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015, aikinsa ya zauna a ramin ATP na CDK4 da CDK6 ya hana su taɓa Rb. Wato aikin p16 yake yi, shi ya sa ƙwayoyin da suka rasa p16 amma Rb na nan, irin MCF7, suke jin sa. A RPE1 150 nM na awa 24 ya isa ya tara kusan duka a G1, ana cikin siram ana cin abinci, ba yunwa ba raunin DNA, kuma in ka wanke sosai sai su taso su shiga S kusan tare. Ga ƙwayar da birkinta ke raye ban san hanyar da ta fi wannan tsafta ba.

Wurare biyu ake faɗawa rami. Mutum ya ga wata takarda ta yi amfani da 1 µM ya ce bari in ƙara don ya kama da kyau, to zai kama, sai dai wankewar ce za ta gagara, su ƙi tashi ko su tashi a warwatse. Ɗaya ramin kuma daɗewa ne. Ƙwayar da aka tsayar a G1 ba ta daina girma ba, rabuwa kawai ta daina, in ka bar ta kwana huɗu zuwa bakwai sai ta kumbura ta zama ƙatuwa, furotin ɗin da ke shirya kwafar DNA su ragu, in ka sake ta ta shiga S da ƙyar, p53 ya gani ya fitar da ita daga zagayen gaba ɗaya. Awa 24 ɗin nan kar ka wuce ta sosai.

Ni kaina na taɓa ɓata sati uku ina zuba wa HeLa wannan maganin ina ƙara yawa, ina zargin ko kwalbar ce ta lalace a hanya saboda zafi, har sai da wata babbar yaya a lab ɗin ta leƙo ta ce "ƙanena, birkin da aka cire kake ta takawa". E7 ya riga ya ɗauke Rb, ko CDK4 na aiki ko ba ya yi E2F a sake yake. Kwalbar tana da ɗan tsada in ka kalle ta, amma 150 nM kamar nanogiram 67 ne a kowace mililita, kenan miligiram 5 zai yi maka sama da lita 70. Ka narka ka rarraba a ƙananan tub ka daskarar, kai da na bayanka kun huta.

Taimidin sau biyu

Nan zan ɗan daɗe, don ita ce aka fi yi kuma aka fi yi ba tare da an gane dalilin awannin ba. In ka zuba taimidin 2 mM, ƙwayar ta mayar da shi dTTP mai yawan gaske, yawan nan kuma sai ya danne inzayim ɗin da ke samar da tubalan DNA ta ɓangaren dCTP. An rasa tubali ɗaya cikin huɗu, kwafa ta tsaya. Wato duk ƙwayar da ke cikin S a inda take nan za ta tsaya, wata a farko wata a tsakiya wata dab da ƙarshe, sauran da ke G2 da M da G1 kuma su ci gaba da tafiya har su zo bakin S su taru.

Ga lissafin. Ƙwayar da ta fi kowa nisa da bakin S ita ce wadda ta fito daga S yanzun nan, tana buƙatar 4 da 1 da 11, awa 16 kenan, shi ya sa toshewar farko take awa 16 zuwa 18. A ƙarshenta kamar kashi biyu cikin uku suna bakin S, kashi ɗaya a warwatse cikin S. Sai ka wanke ka sake su awa 9. Me ya sa 9? Dole ta fi tsawon S, wato awa 8, don waɗanda ke bakin ƙofa su shige su fita, kuma dole ta gaza 16 don wadda ke gaba, wadda ta tsaya dab da ƙarshen S, kar ta zagayo ta sake shiga. Bayan awa 9 babu kowa a S, sai ka sake zuba taimidin na awa 16 zuwa 18, wannan karon kowa a bakin ƙofa zai tsaya. In ƙwayoyinka suna ninkawa a awa 36 ne ba 24 ba, waɗannan lambobin ba naka ba ne, sai ka auna naka ka sake lissafi.

A aikace: Litinin ƙarfe 4 na yamma ka zuba, Talata 9 na safe ka wanke, 6 na yamma ka sake zubawa, Laraba 10 na safe ka sake su. HeLa takan fi wancan lissafin sauri kaɗan, wajen awa 10 bayan saki za ka ga sun fara dunƙulewa, wato wajen 8 na dare, don haka ka nemi makullin lab tun da wuri. Wankin ma ba na wasa ba ne, sau biyu ko uku da PBS mai ɗumi, ruwan kiwon ma mai ɗumi, wasu suna ƙara diyoksisaitidin kaɗan don tubalin da ya ƙare ya dawo da wuri. Kwana biyu cur kana dogara da inkubeta ta riƙe digiri 37, in janareta ya mutu awa uku cikin dare ƙwayoyin sun rage gudu kuma lissafin 9 ɗin nan ya tashi aiki, ba kuma za ka sani ba sai ka auna.

Kuɗi ba matsala, gari ne mai araha da ke narkewa a ruwa, giram 1 zai yi kamar lita 2. Haɗarin shi ne babba. Kwafar da ta tsaya tsawon awanni rauni ce, ATR da Chk1 suna tashi, alamar karyewar DNA γH2AX tana bayyana, kuma ƙwayar tana ci gaba da tara saikilin E da girma alhali DNA na tsaye. HeLa ba ta damu ba tunda babu p53 da zai yi magana, shi ya sa hanyar ta yi suna a kanta. Ka gwada a RPE1 ko faibirobilas sai p21 ya hau, wani kaso ya ƙi tashi. In kuwa bincikenka a kan gyaran DNA ne ko p53 ɗin kansa, to ka riga ka kunna abin da kake son aunawa tun kafin ka fara.

Nokodazol

Shi zaren mazari yake wargazawa. Babu zare, babu kuromosom da aka kama, shingen mazari ya ƙi buɗewa, ƙwayoyi su taru a farkon M da saikilin B a sama. Ana sa nanogiram 50 zuwa 100 a mililita na awa 12 zuwa 16, da safe ka leƙa a madubi ka gan su sun dunƙule kamar ƙwallaye suna ƙyalli, ka ɗan bubbuga gefen fulas ɗin su saki su taso cikin ruwa, waɗanda ba sa M suna manne a ƙasa. Wannan bubbugawar ita ce daɗinsa, don ko ba ka da na'urar fulo, mai auna yawan DNA a kowace ƙwaya, idonka ya nuna maka ya yi aiki. Arha kuma ba a magana, miligiram 10 lita 100 ne. Shingen mazari ba ya buƙatar p53 ko Rb, saboda haka kusan kowace ƙwaya tana tsayawa.

Sai dai wannan birkin yana zamewa. Ko shingen na kunne saikilin B yana ɗan zuba a hankali, in aka daɗe sai ya yi ƙasa, ƙwayar ta fice daga M ba ta rabu ba, ta sake baje a ƙasa ɗauke da DNA ninki biyu, wato 4N. A na'urar fulo za ka gan ta a 4N ka ce tana G2 ko M, alhali G1 ce mai kaya biyu. Mai p53 nan za ta tsaya, marar p53 kuma ta sake kwafa ka ga 8N ya ɓullo. Sannan ƙwayoyin da birkinsu ke raye kamar suna da agogo, a RPE1 an nuna in farkon M ya wuce wajen awa ɗaya da rabi, ko an rabu lafiya 'ya'yan sukan tsaya a G1 ta hanyar p53. To ka kwatanta da awa 14. In M ɗin kake son kamawa ka fasa ka auna, ba laifi. In so kake ka sake su ka bi su zuwa G1 da S, a ƙwaya mai p53 ka nemi wata hanya. Ko a HeLa bayan wanki mazarin da ke sake haɗuwa yakan kama kuromosom ta gefe biyu, wasu su maƙale a tsakiya, ga Golgi ma yana tarwatsewa tunda a kan zaren yake zaune. Dabarar rage ɓarna ita ce ka fara da taimidin sau ɗaya, ka sake su, sai sun kusa M ka sa nokodazol na 'yan awanni.

RO-3306

Yana toshe CDK1 kai tsaye, ƙwayoyi su taru a ƙarshen G2 da saikilin B a cike amma ba damar shiga. Wajen 9 µM na awa 18 zuwa 20, ka wanke da ruwa mai ɗumi, cikin minti 30 zuwa awa ɗaya sai ka ga ayari guda sun shiga M da mazarinsu lafiyayye. Ga mai son ɗaukar hoton rabuwa ta gaskiya wannan ya fi nokodazol nesa ba kusa ba. Shi ne mafi tsada a kowane gwaji, miligiram 5 bai kai lita 2 ba. Tazararsa kuma siririya ce, ka rage su sulale su shige M a karkace, ka ƙara ya fara taɓa CDK2 wasu su maƙale tun a baya, ka daɗe kuma wasu su tsallake M su sake kwafar DNA. Sai ka gwada yawa uku ko huɗu a naka ƙwayoyin tukuna.

Sunayen da ke gefen hagu na teburin, a ƙarƙashin Hanya, a haka za ka rubuta su in za ka yi oda, FBS kuma shi ne siram.

| Hanya | Inda take tsayarwa | Birkin da take buƙata | Lokaci | Tashi bayan wanki | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Rage `FBS` | G0 | Rb | awa 24–72 | a hankali, ba tare sosai ba | babu | ƙwayoyin sankara ba sa ji |
| `palbociclib` | G1 | Rb | awa 24 | da kyau in yawan kaɗan ne | kwalba da tsada, tana daɗewa | kumbura in an daɗe |
| `thymidine` sau 2 | bakin S | babu | wajen awa 42 | da kyau in babu p53 | araha | raunin DNA |
| `nocodazole` | farkon M | shingen mazari | awa 12–16 | mai p53 na iya tsayawa a G1 | araha sosai | zamewa zuwa 4N |
| `RO-3306` | ƙarshen G2 | babu | awa 18–20 | cikin awa 1 | mafi tsada | siririyar tazara |

Yadda za ka san ta yi

Kar ka yarda da awa kawai. Ka ɗebi kaɗan ka kafe su a itanol mai sanyi kashi 70, ka rina da PI mai kama DNA tare da RNase, na'urar fulo za ta nuna maka tudu biyu, 2N da 4N, S na tsakani. Amfanin itanol shi ne samfurin zai zauna a firiza har ka samu zuwa inda na'urar take. Amma ka san iyakarta, G0 da G1 da bakin S duk 2N ne, G2 da M duk 4N. Don raba M da G2 sai ka nemi fosfet a Ser10 na histon H3, don tabbatar da falbosikilib ya kama kuma ka duba fosfet ɗin Rb a Ser807/811 ya ɓace. Kuma kullum ka ajiye fulas ɗaya da ba a taɓa ba, da wani mai DMSO kaɗai in a ciki ka narka maganin.

To wa zai ɗauki wanne

In HeLa ko HEK293T ce a hannunka kuma S ko G2 kake bi, taimidin sau biyu, ka manta da yunwa da falbosikilib. In RPE1 ce ko MCF7 ko wata mai Rb, kuma kana son su taso tare daga G1, falbosikilib kaɗan na awa 24. Mai faibirobilas da ba shi da kuɗin oda, ko mai tambayar yadda ƙwaya ke farkawa daga hutu, yunwar siram ta ishe shi. Wanda ke son tulin ƙwayoyin M don westan bulot ko shimfiɗa kuromosom ya ɗauki nokodazol ya bubbuga, amma kar ya wuce awa 16. Mai ɗaukar bidiyon rabuwa a madubi ya daure ya sayi RO-3306. Mai bincike a kan p53 ko gyaran DNA ya nisanci taimidin da dogon nokodazol, in ƙwayarsa na da Rb ya bi ta falbosikilib, in babu kuma ya bubbuga fulas ɗin da ba a sa wa komai ba ya tattara 'yan ƙalilan da ke M da kansu, ba su da yawa, kaso kaɗan ne cikin ɗari, don haka sai ya shuka manyan fulas da dama. In kuma sakamakon shi ne ƙashin bayan tesis ɗinka, ka maimaita shi da hanya ta biyu da ke tsayarwa a wani wuri daban, misali taimidin da RO-3306, ka ga ko abin da ka gani yana nan.